Na ce masa dannau ne kawai

Ranar da Autanmu ya fara kawo mini maganar, muna zaune ne a zaure bayan sallar isha'i, a cikin shekarar 2017, yana da shekara 17 a duniya. Ya daɗe yana wasa da carbi kafin ya ce, "Yaya, wani abu ne yake danne ni da daddare. Ina kwanciya sai in ji an turo ƙofa, in ga mutum a tsaye ta wajen ƙafata. Ina so in tashi ba hali, ina so in yi salati bakina ya ƙi buɗewa." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa dannau ne, ni ma na sha fama da shi, ba ya kisa kuma ba ya barin tabo, ya daina raba dare a kan waya zai ga ya wuce. Ya ce, "To, Yaya," ya tashi ya shiga gida.

Abin da na faɗa masa gaskiya ne ga mafi yawan mutane, shi ya sa na faɗe shi da ƙarfin gwiwa. Ni malamin ilmin halittu ne a makarantar sakandare, kuma dannau ya taɓa ni sosai lokacin da nake jami'a a Zariya, musamman a makonnin jarrabawa da muke kwanan zaune da shayi da goro. Tsoron da na ji a lokacin ne ya sa na bi diddigin abin har na fahimce shi, kuma fahimtar ta yi mini magani.

Barci hawa-hawa ne. Mutum yakan fara da mai sauƙi, ya nutsa cikin mai nauyi, sannan bayan kamar awa ɗaya da rabi ya shiga wani mataki na daban wanda a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu rai. Zan kira shi barcin mafarki. Masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Aserinsky da Kleitman, su ne suka bayyana shi a 1953, bayan sun lura cewa idanun mai barci suna kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu a wannan lokaci. A wannan mataki ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda yake farke, don haka Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jiki mari. Daga gindin ƙwaƙwalwa, wurin da take haɗuwa da lakar baya, ake aika saƙo ya kashe jijiyoyin da ke motsa hannu da ƙafa da wuya da harshe. Ba don haka ba, da wanda ya yi mafarkin gudu ya tashi ya yi karo da bango, da wanda ya yi mafarkin dambe ya naushi na kusa da shi. Abu biyu aka bari suna aiki: tsokokin ido, da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki wanda shi ne ke jawo numfashi.

Dannau yana faruwa ne idan hankali ya riga jiki farkawa, ko kuma marin ya kama jiki tun hankali bai gama tafiya ba. Ka san kana ɗakinka, kana ganin silin da labule, kana jin ƙarar fanka, amma jiki yana can a ɗaure. Nauyin da ake ji a ƙirji shi ma yana da dalili. Numfashin barcin mafarki gajere ne, tsokokin haƙarƙari da ke taimakawa wajen jan dogon numfashi suna cikin waɗanda aka kashe, sai mai tsoro ya yi yunƙurin cika huhunsa ya kasa, ya ji kamar an ɗora masa buhun gero. Iska tana shiga tana fita, ba za ta yanke ba. Shi kuwa mutumin da ake gani a bakin ƙofa, mafarki ne ya zubo cikin ɗakin gaske. Ƙwaƙwalwar da ta firgita tana neman abin da ya kama ta, sai ta ɗauki rigar da aka rataye a ƙusa ko inuwar kwaba ta gina mutum da ita. Yawanci abin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi zuwa minti biyu ko uku, ko da yake wanda yake ciki ji yake kamar an kwana.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Wani nazari da Sharpless da Barber suka fitar a 2011, wanda ya tattara bincike sama da 30, ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa samun dannau, a tsakanin ɗalibai kuwa adadin ya kai kusan 28 cikin 100. Japanawa suna ce masa kanashibari, a Masar da yawa suna danganta shi da aljani kamar yadda muke yi. Ko babu dannau ma, lafiyayyen mutum yakan ji an kira sunansa ko an yi sallama daidai lokacin da barci ke ɗibarsa, ko ya ga fuskoki suna wucewa, ko ya ji kamar ya zame daga tudu ya zabura. Duk wannan ba ciwo ba ne.

Wannan ilmin nake taƙama da shi, kuma shi ne ya rufe mini ido. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san yadda dannau yake faruwa, amma ban taɓa tambayar kaina yaushe yake zama alamar wani abu da ya fi shi girma ba.

Innarmu ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta sa aka yi wa Auta ruƙiyya, aka kawo rubutu da hayaƙi, ta dage masa da alwala kafin kwanciya da Ayatul Kursiyyu da kwanciya ta ɓangaren dama. Ni kuma ina gefe ina ce mata, "Inna, ki daina wahalar da kanki, babu wani aljani a nan." Yau idan na waiwaya, ita ce ta fi ni kusa da daidai a abu ɗaya mai muhimmanci: ta yarda cewa yaron yana cikin wani hali. Kwanciyar gefe da ta sa shi ma tana da amfani a zahiri, domin dannau ya fi kama mai kwanciya rigingine, addu'a kuma tana kwantar da zuciyar da tsoro ke hana ta barci. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai kai shi asibiti, kuma a gidanmu ni ake jira in faɗi haka.

Alamomin suna gabana duk tsawon lokacin. Auta yana barci a aji har malamansa suka aiko. Yana barci a huɗubar Juma'a, yana barci a cikin adaidaita sahu har a wuce da shi unguwarmu. Wata rana Inna ta same shi da loma a hannu kansa ya langaɓe a kan kwanon tuwo. Idan ya yi gyangyaɗin minti goma sai ya farka garau, bayan awa biyu ko uku kuma barcin ya sake kwashe shi. Ya taɓa ce mini, "Yaya, ni ko gyangyaɗi na yi sai na yi mafarki." Da na tsaya na yi tunani, wannan jumla kaɗai ta isa ta tayar mini da hankali, tun da ni da bakina nake koya wa ɗalibai cewa barcin mafarki ba ya zuwa sai an yi nisa. Mutumin da yake barcin dare isasshe amma yake faɗawa mafarki cikin minti biyar da rufe ido, akwai abin da ya goce a tsarin barcinsa. Nawa dannau yakan zo ne da asuba, sau ɗaya a wata ko ma ƙasa da haka, kuma yana tafiya da zarar jarrabawa ta ƙare. Nasa yana zuwa ne a farkon kwanciya, sau uku ko huɗu a mako, ba hutu ba jarrabawa. Ban tambaye shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sunan da na ba abin shi ne lalaci.

Mafi munin abin da na yi ya zo a 2018. A shekarar ce maganar kodin ta cika gari, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi. Kowane gida a Kano ana kallon samari da 'yan mata da idon zargi. Wani dare muna tsakar gida ana kallon wani tsohon fim na marigayi Ibro, kowa yana dariya. Auta yana tsaye riƙe da kofin shayi. Ya kece da dariya, sai na ga haɓarsa ta saki, fatar idonsa ta sauko, kansa ya faɗo gaba, kofin ya kuɓuce ya tarwatse a siminti. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya sulale a jikin bango ya zauna. Ya yi ƙoƙarin magana, harshen ya yi nauyi kamar na wanda ya bugu. Kafin Inna ta kawo ruwa ya miƙe, ya ce babu komai, duk abin da aka faɗa ya ji. Abin bai kai minti ɗaya ba.

Ni abin da na gani shi ne ɗan shaye-shaye. Washegari da ya tafi makaranta na shiga ɗakinsa, na ɗaga katifa, na zazzage jakarsa, na duba cikin takalmansa, na leƙa bayan kwaba ina neman kwalba ko ƙwayar tiramol. Ban sami komai ba sai littattafai da wani ɗan kundi da yake rubuta addu'o'in kwanciya barci a ciki. Duk da haka da ya dawo na tsare shi a gaban Inna na ce, "Ka faɗa mini abin da kake sha, ko in kai ka inda za a sa ka faɗa." Ya dube ni ya ce, "Wallahi Yaya ba na shan komai." Na ce duk haka suke cewa. Daga ranar bai ƙara kawo mini wata damuwa tasa ba. Ya kuma koyi danne dariyarsa, idan ana raha sai ya tashi ya bar wurin, mu kuma muka ce ya zama miskili. Jarrabawar shiga jami'a ya zauna ta sau biyu bai samu ba. Daga baya ne ya gaya mini cewa a duka biyun barci ya sace shi a gaban kwamfuta.

A 2020 ya karɓi babur ɗin wani ɗan'uwanmu zai kai saƙo. Da rana tsaka, a kan miƙaƙƙen titi, barci ya ɗauke shi, ya faɗa kwalbati ya karya ƙashin kafaɗa. Allah ya taƙaita, babu mota a bayansa. A asibiti wata likita ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce shi dai ya farka ne a ƙasa. Sai ta ja kujera ta zauna. Ta tambaye shi awa nawa yake barci da dare, ya ce bakwai zuwa takwas, amma yana yawan farkawa. Ta tambaye shi tun yaushe barcin rana yake fin ƙarfinsa, ya ce shekara uku. Ta tambaya ko yana ganin abubuwa lokacin kwanciya, ko jikinsa yana ɗaurewa. Sannan ta yi tambayar da ta sa jikina ya yi sanyi: "Idan ka yi dariya sosai, ko aka ba ka mamaki, ƙafafunka suna saki?" Auta ya juyo ya kalle ni kafin ya amsa mata. Ta ce da ni, "Malam, ba a taɓa lura da wannan a gida ba?" Na ce an lura. Ban iya ƙara komai ba.

Ta tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a can muka fara jin sunan ciwon: nakolefsi. Wani likitan Faransa, Gélineau, shi ya raɗa masa suna tun 1880, amma sai wajen 2000 aka gano tushensa a jikin mutane. Akwai wani sinadari da ake kira oreksin, wanda wasu 'yan ƙwayoyi a can cikin ƙwaƙwalwa suke samarwa, aikinsa shi ne ya riƙe mutum a farke ya kuma tsare iyaka tsakanin farke da barcin mafarki. A nau'in da Auta yake da shi waɗannan ƙwayoyi sun mutu, galibi ana ganin garkuwar jiki ce take afka musu bisa kuskure. Da iyakar ta rushe, sai sassan barcin mafarki su riƙa kutsowa inda ba wurinsu ba. Mafarkin ya kutso lokacin kwanciya, shi ne mutumin bakin ƙofa. Marin ya kutso, shi ne dannau. Marin nan dai ya kutso da rana ido biyu idan dariya ta motsa shi, shi ne sakin jikin da na gani a tsakar gida, wanda likitoci ke kira katafileksi. Abu ɗaya ne ya fito ta ƙofa uku, ga kuma barcin rana da ya fi su duka cutar da shi. Ciwon yana kama kusan mutum ɗaya cikin 2,000, ya fi farawa a shekarun samartaka, kuma ko a ƙasashen da asibiti ya wadata, masu shi sukan yi shekaru da yawa kafin a gano.

An fara da kawar da sauran abubuwa. Aka duba jininsa, aka yi gwajin farfaɗiya, aka tambayi magungunan da yake sha. Gwajin barcin kansa sai da muka yi tafiya mai nisa muka kuma tara kuɗi na watanni, domin wuraren da ake yin sa kaɗan ne a ƙasar nan. Ya kwana ɗaya da wayoyi manne a kansa da haɓarsa da gefen idanunsa. Washegari aka ba shi damar kwanciya sau biyar, awa biyu-biyu tsakani, kowace ta minti 20. Ƙa'idar ita ce idan matsakaicin lokacin da barci ke ɗaukar mutum bai wuce minti 8 ba, kuma ya faɗa barcin mafarki cikin minti 15 aƙalla sau biyu, to alama ta tabbata. Auta bai kai minti uku ba a kowace kwanciya, ya kuma shiga mafarki sau huɗu cikin biyar.

Ciwon ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. An ɗora shi a kan modafinil da safe don ya riƙe shi a farke, da wani magani na daban da ke rage sakin jiki da dannau. An tsara masa gajeren barci na minti 15 zuwa 20 bayan azahar da kuma kafin magariba, da lokacin kwanciya guda da ba ya canzawa. An hana shi babur. Waɗannan magunguna ba na saye a kemis da ka ba ne, likita ne yake auna su yana bibiya.

Tun daga nan, idan ɗalibi ko maƙwabci ya ce mini dannau yana damunsa, ba na saurin cewa ba komai. Ina fara tambayarsa yadda yininsa yake. Idan ya ce da rana garau yake, abin yana zuwa ne jifa-jifa, musamman in ya raba dare, ko a goman ƙarshe na azumi da barci ke rarrabuwa, ko lokacin da damuwa ta yi masa yawa, to wannan shi ne dannau na kowa da kowa. Ina ce masa ya nemi barcin awa bakwai zuwa tara a lokaci guda, ya bar shayi mai ƙarfi da goro da yamma, ya kwanta ta gefe. Idan ya kama shi, kada ya yi kokawa da shi, domin yunƙuri yana ƙara nauyin ƙirji da firgici. Ya tuna cewa numfashinsa ba zai tsaya ba, ya yi addu'arsa a zuci, ya mai da hankali ga motsa yatsa ɗaya ko juya idanu. Wanda yake kwana kusa da shi, in ya ji yana gurnani, ya taɓa shi ko ya kira sunansa, sau da yawa hakan yana kwance shi. Bayan ya sake shi ya tashi zaune na ɗan lokaci kafin ya koma, don kada ya maimaita.

Amma idan ya ce barci yana fin ƙarfinsa da rana duk da yana samun na dare, har wata uku ko fiye, ko jikinsa yana saki in ya yi dariya, to maganar ta wuce ni, sai likita. Haka wanda matarsa ta ce yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, domin toshewar numfashi cikin barci ita ma tana kawo dannau da gyangyaɗin rana. Akwai kuma waɗanda abin ya fara musu bayan wani tashin hankali, kamar harin 'yan bindiga ko haɗarin mota, fuskar da suke gani a bakin ƙofa ta wanda ya cuce su ce, har suna tsoron dare ya yi. Su ma suna da magani a wurin likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Gane-ganen dannau a bakin barci kawai suke tsayawa. Wanda yake jin muryoyi ko ganin mutane da rana tsaka yana tafe ido biyu, nasa wani abu ne daban. Wanda kuma ake samu yana jijjiga cikin barci, ya ciji harshe, ya yi fitsari a kwance, ya farka a ruɗe bai san abin da ya faru ba, farfaɗiya za a bincika, domin mai dannau yana tuna komai. Idan kuwa mutum ya farka hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta ƙi motsi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, mintuna suna wucewa bai sake ba, wannan ba dannau ba ne ko kaɗan. Shanyewar ɓarin jiki ce ake tsoro, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Na nemi gafarar Auta a cikin motar da ta dawo da mu daga gwajin. Na ce masa na zalunce shi da na kira shi ɗan shaye-shaye, na kuma zalunce shi tun ranar da na katse masa magana a zaure. Ya ce, "Ya wuce, Yaya. Ni abin da ya fi yi mini ciwo, na ɗauka kai ne za ka gane." Ya yafe, amma shekaru ukun da ya rasa a karatu ba su dawo ba, kuma kafaɗar tana yi masa ciwo duk lokacin sanyi. Yanzu yana aji uku a kwalejin ilmi, malamansa sun san halin da yake ciki, suna barinsa ya kwanta minti 20 tsakanin darussa.

Ɗan'uwa mai karatu, idan akwai yaro a gidanku da ake kira rago saboda barci, kuma ya taɓa cewa ana danne shi da dare, ka zaunar da shi yau ka tambaye shi abin da yake faruwa da gwiwoyinsa idan ya yi dariya. Ka bar shi ya gama magana, kuma kada ka ba shi makullin babur sai likita ya gan shi.